Tafiya huɗu da yaro mara lafiya, da abin da inshora ta mayar mini

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, cikin watan Nuwamban 2024, kakar riɗi ta kankama. Ina tsaye gaban sikeli ina rubuta nauyin buhuna sai uwargida ta kira. Ba ta saba kirana a wurin aiki ba, ballantana ranar kasuwa. Ta ce, "Malam, ka dawo gida. Cikin yaron nan ya kumbura, ko taɓa shi ba ya bari a yi."

Ɗana na biyu ne, shekararsa tara. Kwana goma sha biyu yana zazzaɓi, muna ta maganin kemis, ya sauka ya dawo. Da na isa na ɗora hannu a cikinsa, sai na ji shi da tauri kamar allon karatu. Ya daina kuka ma, sai nishi.

Ni mai kula da sito ne a wani kamfani da ke sayen riɗi da zoɓo a yankinmu na Gumel. Shekara biyu kafin wannan rana kamfanin ya saka ma'aikatansa a inshorar lafiya ta wani kamfani mai zaman kansa: ni, da mace ɗaya, da 'ya'ya huɗu. Aka ba mu kati, aka ba mu wani ɗan littafi na sharuɗɗa da Turanci. Katin yana aljihuna kullum. Littafin kuwa na jefa shi cikin jakar da nake ajiye takardar gona, ban sake buɗe shi ba. Abin da na riƙe a raina shi ne in ciwo ya zo, inshora za ta biya. Ban taɓa tambayar kaina ko motar da za ta kai mara lafiya tana cikin "ciwo" ba.

Tafiyar farko ba ta da wani labari. Daga ƙauyenmu zuwa asibitin da aka rubuta a katinmu kilomita goma sha takwas ne. Akwai motar Haihuwa Lafiya a wani gari kusa da mu, amma wannan ta masu naƙuda ce, ba a yi ta don irin lalurarmu ba. Maƙwabcina ya tayar da tsohuwar motarsa, na zuba masa man naira 7,000, muka kwantar da yaron a kujerar baya kansa a cinyar uwarsa. Ban karɓi rasit ba, kuma ko na karɓa ba zai yi amfani ba, kamar yadda na gane daga baya.

Asibitin ƙarami ne, na kuɗi, likita ɗaya. Ya danna cikin, ya saki, yaron ya zabura. Ya sa aka yi masa hoton ƙirji a tsaye, ya ɗaga hoton a jikin taga ya nuna mini wani baƙin layi mai kama da jinjirin wata a ƙasan huhu. Ya ce wannan iska ce, kuma ba ta da abin yi a wurin sai in hanji ya huje. Taifot ce ta ci hanjin. Magani shi ne tiyata, a buɗe a ɗinke a wanke cikin, shi kuma ba shi da mai ba da maganin barci da zai amince ya sa wa yaro mai wannan rauni. Ya buga waya asibitin da ya fi kusa da mu cikin masu irin wannan aiki, aka ce mai yi ba ya nan sai Litinin. Ya ajiye wayar ya ce, "Sai Kano, Malam."

Na miƙe zan fita neman mota, ya ce in zauna. Ba a ɗaukar yaro a wannan hali a hau titi da shi. Sai an yi masa ƙarin ruwa har ya soma fitsari, an zura masa roba ta hanci zuwa ciki don ta janye abin da ya taru, an yi masa alluran kashe ƙwayoyin cuta. Ya ce zai ɗauki kamar awa biyu, in yi amfani da su in gama da mutanen inshora. A cikin awa biyun nan na yi kuskuren da ya ci mini mako bakwai.

Tsarin haka yake. Asibitin da ke kan katinka shi ne ƙofarka. In abin ya fi ƙarfinsa, likita zai rubuta takardar turawa, sannan a kira kamfanin inshora su ba da lambar izini, wadda ma'aikata ke ce wa kod. Da wannan lamba ne asibitin da aka tura ka zai yi maka aiki ba tare da ya ce ka ajiye kuɗi ba, domin ya san wurin wanda zai karɓa. Mai teburin inshora ta riga ta tashi tun la'asar, don haka ni na kira lambar da ke bayan katin. Wata mata ta ɗauka, ta tambayi lambar katin, ta yi magana da likita, ta ce in jira saƙo. Bayan minti arba'in saƙon ya shigo. Na sake kira don in tabbatar, na ce, "Hajiya, yanzu ke nan za ku biya?" Ta ce, "E, an amince da turawar." Na yi godiya na kashe.

Ba ƙarya ta yi mini ba. An amince da turawar: ganin likitan tiyata, da aikin, da gado. Amma a wurinsu motar asibiti abu ne dabam mai layinsa, kuma sai an nemi izininsa da sunansa. Ni ban ambaci mota ba, ita ba ta tambaya ba, likita kuma a takardar turawa ya rubuta ciwon da abin da ya yi da inda za a je, bai rubuta da me za a je ba.

Asibitin ba shi da mota tasa. Sai aka aika wani asibitin gwamnati da ke garin aka nemi tasu. A nan na fara fahimtar abin da ya sa kati ba ya tayar da mota. Kamfanin inshora yana biyan wanda ya ƙulla yarjejeniya da shi ne, a ƙarshen wata, bisa farashin da suka daidaita. Masu wannan mota ba su da wata yarjejeniya da kamfanina, ba su san shi ba. Na nuna wa mai karɓar kuɗi katina, ya juya shi gaba da baya ya miƙo mini, ya ce, "Wannan tsakaninka da su ne. Mu dai kuɗin mota 15,000 ne, mai kuma naka." Ya yanka mini rasit mai hatimi na 15,000 ɗin.

Direban dattijo ne, ya ce lita arba'in. Na ce, "Baba, Kano fa za mu, ba Kaduna ba." Ya yi dariya ya lissafa mini da yatsu. Daga nan zuwa tsakiyar Kano ya kai kilomita 130, kuma motar ba a can za ta kwana ba, sai ta dawo, ga shi babu mai biyan kuɗin dawowa sai wanda ya kai ta. Ke nan 260. Motar tana cin lita ɗaya a kilomita takwas in ta yi kirki, ya kama lita talatin da uku, sauran na cunkoson gari ne da tsayuwa da inji a kunne. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 wannan lissafi ya zama shi ne babban kuɗin kai mara lafiya, kuma a makon nan a naira 1,150 muke shan lita. Lita arba'in ta tashi 46,000. Sai tukunyar iskar oksijin, 12,000, ita ma da rasit. Nas ɗin da zai raka mu 10,000, domin ya tashi daga aiki, dare ne zai raba a hanya. Direba 5,000 na abinci. Waɗannan biyun hannu da hannu ake bayarwa, babu mai rubuta maka komai. Jimla 88,000.

Yayana ya iso a lokacin, ya ja ni gefe. Ya ce, "Kai, wannan kuɗi ya yi yawa. Akwai yaron da zai kai mu a motarsa shata, 40,000, kuma ya fi wannan akwalar gudu." Na kusa yarda, don abin da ke aljihuna bai kai rabi ba. Nas ɗin ne ya ji mu, ya ce, "Alhaji, zo ka gani." Ya buɗe bayan motar. Ba wata motar a zo a gani ba ce: gado mai ɗamara, ƙugiya a rufi, benci, da wurin ɗaure tukunyar iska. Ya ce ledar ruwa sai an rataye ta sama da jikin yaro take sauka, a ƙaramar mota ina za a rataye ta na awa uku? In yaron ya yi amai yana naɗe a kujerar baya, wa zai juya shi kafin ya shaƙe? In allurar hannu ta goce a Ringim, wa zai mayar? Ya ce akwai marasa lafiyar da motar haya ta ishe su, wanda zai iya zama ya sha ruwa da kansa, amma wannan ba ya cikinsu. Yaya bai ƙara magana ba, ya ciro 50,000 daga kuɗin awakin da ya sayar ya ba ni rance.

Wani abu da nas ɗin ya yi ya zauna mini a rai. Tukunyar da aka fara kawowa ya duba agogonta ya ce a mayar. Allurar tana tsakiya. Ya ce irin wannan ƙaramar tukunya in ta cika tana ɗaukar wajen lita 680 na iska, yaron kuma lita biyu zai riƙa sha a minti, wato cikakkiya za ta yi awa biyar da rabi. Rabi ba za ta kai awa uku ba, hanyar kuma awa uku ce in taya ba ta fashe ba. Da ni kaɗai ne, da na biya kuɗin cikakkiya na ɗauki rabi, don ban san ana duba agogon ba.

A gidan mai direban ya ce, "Karɓi rasit, ɗana, ko ba ka ga amfaninsa yau ba." Yaron gidan man ya yago takarda ya rubuta lita 40, 46,000, da kwanan wata. Bai sa lambar mota ba, bai sa sunana ba. Na cusa a aljihu.

Mun tashi wajen goma na dare. Gujungu, Ringim, Gezawa. Uwar yaron tana baya tare da nas, ni ina gaba. Direban bai kunna jiniya ba sai da muka shigo gari, ya ce a titin da babu kowa jiniya firgita mara lafiya kawai take yi. Sau ɗaya muka tsaya, aka canza ledar ruwa. Ƙarfe ɗaya saura muka shiga wani babban asibiti a Kano.

Sun karɓe mu a sashen gaggawa, ba su nemi ko sisi ba kafin su duba shi, kuma haka Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce, ba a mayar da mai lalurar gaggawa. Nas ɗinmu ya miƙa takarda, ya yi bayani, aka sa masa hannu, ya yi mana sallama. Motar ta juya. Ina kallon fitilunta suna fita daga ƙofa ban san ina kallon kuɗina ne suna tafiya ba. Da asuba wani likita ya zo ya ce akwai mutum uku a gabanmu a layin tiyata, kuma babu gado a ɗakin da ake kwantar da yara bayan aiki. Yaron ba zai iya jira har gobe ba. Ya yi waya wani asibitin a cikin gari, suka ce a kawo shi. Likitanmu na gida ya gwada kiran wani da ya sani a nan kafin mu taso, ba a ɗauka ba, muka taho a haka. Da an samu wanda ya ce babu gado tun muna gida, da kai tsaye can muka nufa. Da kuma na roƙi direban ya jira awa ɗaya har a tabbatar mana da gado, da ko 5,000 na ƙara masa ya wadatar.

Lambar izinin jiya ba ta aiki a sabon asibitin, domin kowace lamba da sunan asibitin da aka bayar da ita. Sai an sake kira. A teburin inshora na wurin na tarar da wani saurayi da ya san aikinsa. Ya ce, "Baba, in ka kira, abu biyu za ka nema, kuma ka sa su turo maka lamba biyu. Ɗaya ta asibiti, ɗaya ta mota." Na ce, "Mota ma tana da lamba?" Ya dube ni, ya ce, "Jiya da me kuka zo?" Na faɗa masa. Ya girgiza kai kawai.

Na kira, na nemi biyun. Suka ce suna da kamfanin motar da suke hulɗa da shi a Kano, wanda ba zan biya komai ba, amma motar tana wani aiki, sai nan da awa uku. Na ce yaron ba shi da awa uku. Suka ce to in ɗauki wadda ke kusa in biya, ga lambar izini, in kawo rasit. Wata motar asibiti ta 'yan kasuwa da ke tsaye a bakin ƙofa ta kai mu, tafiyar da ba ta fi kilomita tara ba, 20,000. Na sa direban ya rubuta komai a rasit: sunan yaron, daga ina zuwa ina, lambar mota, lokaci, da lambar izinin.

An yi aikin kafin azahar. Huji ɗaya ne, aka ɗinke. Kuɗin tiyata da gado da yawancin magunguna kamfanin ya biya asibitin kai tsaye, ban ga ko takardar ba sai da aka ce in sa hannu, kuma a wannan ba ni da abin cewa sai godiya. Kwana goma sha uku muka yi. Ranar sallama na tambayi ko za su mayar da mu gida, aka ce wanda aka sallama ba mara lafiyar mota ba ne. Ɗinkin bai gama kamewa ba, ba zan cusa shi cikin mutum goma a motar tasha ba, sai na yi shata 35,000. Tafiya ta huɗu ke nan. Da na zauna na haɗa, kuɗin hawa mota da abin da ya biyo shi kaɗai ya kama 150,000 cif.

Sai a daren da muka dawo na zaro littafin nan daga jakar takardun gona, na kai wa akantan kamfaninmu muka karanta tare. Maganar mota layi biyar ce kacal a shafi na kusa da ƙarshe. Suna biyan motar asibiti daga wurin haɗari zuwa asibiti, da daga asibiti zuwa asibiti. Daga gida zuwa asibiti ba ya cikin tsarin da kamfaninmu ya saya mana, yana cikin na manyan ma'aikata. Sai likita ya tabbatar cewa lalurar ce ta buƙaci motar. Sai zuwa asibiti mafi kusa da zai iya aikin. Sai da izini, ko a sanar da su cikin awa 48 in gaggawa ce. Kuma duk abin da za su biya na mota ga mutum ɗaya a shekara ba zai wuce 50,000 ba. A wani shafin kuma aka ce duk wanda ya biya da kansa yana da kwana 30 ya nemi a mayar masa, daga ranar da ya kashe kuɗin, ba daga ranar sallama ba. Goma sha huɗu sun riga sun tafi.

Wannan na takardarmu ne, ba na kowa ba. Surukina malamin firamare ne, yana cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar Jigawa, wani abokina kuma ma'aikacin tarayya ne, inshorarsa tana ƙarƙashin Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohon shirin. Kowannensu da nasa jerin abin da ake biya. Abin da ya haɗa mu shi ne ƙofa: asibitinka na farko, takardar turawa, sannan izini. Akwai kuma shirin gwamnatin tarayya na motocin gaggawa da aka fara gwadawa a Abuja a 2022, wanda aka tsara ya ɗauki nauyin kai mutum asibiti da jinyar awa 48 na farko, ga lambar gaggawa ta 112. A daren da muke neman mota babu wanda ya ambaci ko ɗaya a cikinmu, har da ma'aikatan.

Na cike fom, na haɗa rasitai huɗu da kwafin takardar turawa da ta sallama, akanta ya aika. Bayan mako biyu na ji alat na 20,000. Tafiyar cikin Kano ce, mai lamba. Babbar tafiyar kuwa an ƙi ta gaba ɗaya, da dalili uku a rubuce: babu izinin mota, takardar likita ba ta nuna ana buƙatar motar asibiti ba, rasit ɗin mai kuma ba ya nuna wace mota aka zuba wa. Har suka ƙara da tambayar me ya sa aka tsallake asibitin da ya fi kusa aka tafi Kano.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ce na bar su da Allah. Akanta ne ya ce, "Malam, ba cewa suka yi ba sa biya ba. Cewa suka yi ba ka nuna musu ba. Je ka nuna musu." Da na huce na sake karanta dalilan, sai na ga duk abubuwa ne da ke nan a ƙasa, ba a dai rubuta su ba.

Na koma wurin likitanmu. Na yi zaton zai ji haushi, sai ya ce laifinsa ne rabi, ya saba rubuta wa likita ɗan'uwansa takarda, ba mai biyan kuɗi ba. Ya rubuta sabuwa a takardar asibiti mai hatimi, ya faɗi halin da yaron yake ciki lokacin da aka ɗauke shi: yana kan ƙarin ruwa, yana kan iskar oksijin, da roba a hanci, ba ya iya zama, dole ma'aikacin lafiya ya kasance tare da shi. Ya kuma rubuta cewa ya kira asibiti mafi kusa da ƙarfe kaza aka ce babu mai yin aikin. Jimla huɗu ce ko biyar, su ne suka amsa dalili na biyu da tambayar Kano.

Na mai ya fi ba ni wahala. Gidan man suka ce ba za su sake rubuta rasit na abin da ya wuce wata guda ba. Direban ne ya cece ni. Ashe kowace motar gwamnati tana da littafin tafiya, inda direba ke rubuta ranar fita, inda aka je, abin da agogon kilomita ya nuna a fita da dawowa, da man da aka sha. Ya buɗe shafin, ga ranarmu, ga Kano, ga kilomita 268, ga lita 40. Na yi kwafi, shugaban sashensu ya buga hatimi bayan na yi zarya sau biyu, na manna shi da rasit ɗin gidan mai. Kwanan wata ɗaya, lita ɗaya.

Saura izini. A nan saƙon da ban goge ba ya yi rana. Wayata ta nuna na kira su da 7:52 na dare, saƙonsu ya shigo 8:31, motar kuma ta tashi wajen goma. Na rubuta musu cewa sun san za a kai yaro mai hujajjen hanji Kano a daren, su suka amince, kuma sharaɗinsu na gaggawa sanarwa ce cikin awa 48, ni kuwa na sanar da su awa biyu kafin mu motsa. In ba a motar asibiti ba, a me suke tsammanin za a kai shi? Akanta ya ce in cire wannan tambaya ta ƙarshe, ta yi kama da faɗa. Ban cire ba.

Amsa ta zo a farkon Janairu. Sun amince da tafiyar, kuɗin mota da na mai, 61,000. Amma rufin shekara 50,000 ne, an riga an ba ni 20,000, don haka 30,000 ya rage. Oksijin suka fitar da shi daga layin mota suka mayar da shi layin magani, wanda ba ya ƙarƙashin wannan rufi, suka biya 12,000 ɗinsa cikakke. Na nas da na direba babu takarda, babu magana. Ta farko da ta huɗu tun can ba sa ciki. Abin da ya dawo hannuna duka 62,000 ne daga cikin 150,000.

Rufin nan shi ne abin da har yanzu nake ganin bai dace da mu ba. Ga mutumin birni, 50,000 tafiya biyu ce da canji. Ga wanda ke kilomita 130 daga likitan tiyata, fetur kaɗai ya kusa cinye ta, kuma an sa adadin ne tun lita ba ta kai naira 200 ba, ba a taɓa shi ba. Kuɗin da kamfani ke biya a kaina daidai yake da wanda yake biya a kan ma'aikacinsa na ofishin Kano, amma ni nisa ya rage wa nawa daraja. Na faɗa wa manaja haka lokacin sabunta yarjejeniya, ya ce, "Za mu duba, Malam," ya rubuta a ɗan littafinsa.

Ranar da 42,000 na biyu suka shigo, na cire su a wurin mai na'urar cirar kuɗi a bakin kasuwa, na cika da 8,000 daga albashi, na kai wa Yaya kuɗin awakinsa. Ya ƙirga, ya zare 5,000 ya ce a saya wa yaron kaza. Yaron yana zaune a gefe, ya ɗaga riga yana nuna wa 'yan'uwansa tabon, yana ce musu shi ya shiga mota mai jiniya su ba su taɓa shiga ba.